Zoben Robar da Ke Hana Ruwa Shiga Agogo

Sau da yawa agogo kan yi shekaru a hannun mutum, ana alwala da shi, ruwan sama na dukansa, bai taɓa nuna matsala ba. Sai a canza masa batir, ba a jima ba raɓa ta bayyana a ƙarƙashin gilashi. Akan ɗora wa sabon batirin laifi, alhali ɓarnar ta faru ne a lokacin da ake mayar da murfin baya.

Mu ɗauki Casio F-91W, wanda ya fito a 1989. Batirinsa CR2016 ne, kuma yakan kai kusan shekara bakwai. Idan aka kwance ƙananan notuna huɗun da ke bayansa aka ɗaga murfin ƙarfen, za a ga wani siririn zoben roba baƙi kwance a gurbinsa. Shi ne ke tare ruwa da gumi da ƙura. Ana sa sabon batir, a haɗa wurin da aka rubuta AC da bayan batirin da hantsakin ƙarfe na ɗan lokaci, lambobi su dawo. Wannan ɓangaren ba shi da wuya.

Wuyar tana wajen zoben. Shekarun nan duka yana danne, zafi da gishirin gumi suna cinsa, har ya bushe ya baje. Robar da ta baje ba ta sake cika gurbinta kamar da. Mai gyara na kirki zai ciro shi ya duba a haske, in ya ga tsagewa ko ya ji ya yi tauri, sai ya canza. In da sauran laushi, ya goge gurbin tas, domin ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi kan buɗe wa ruwa hanya. Sannan ya shafa masa man silikon kaɗan, ba basilin ba, saboda basilin na iya kumbura roba. Wajen rufewa, ana ɗaure notunan a gicciye, sannu sannu, don kada murfin ya karkace ya cije zoben.

Ko an yi duk wannan, alkawarin masana'anta na jure ruwa bai dawo ba sai an gwada agogon a na'urar matsin iska, wadda ba kowane teburin gyara ke da ita ba. Dama rubutun WATER RESIST ko 30M fantsamar ruwa kawai yake nufi, ba iyo ba. A ganina, agogon da aka buɗe ba a gwada ba, gara a cire shi kafin wanka, kuma kada a danna maɓallansa da jiƙaƙƙen hannu.

Idan raɓa ta fito cikin gilashi ta ƙi bajewa, a kai shi a buɗe a busar a ranar, tun tsatsa ba ta kama wurin da batir ke zama ba.