Hannun Jari ko Takardar Lamuni: Yaushe Za Ka Buƙaci Kuɗinka?

Wanda ya sayi hannun jari ya sayi wani yanki ne na kamfani. In an ci riba a raba da shi, in an faɗi da shi aka faɗi. Wanda ya sayi takardar lamuni kuwa bashi ya bayar, an kuma faɗa masa abin da za a riƙa ba shi da ranar da uwar kuɗinsa za ta dawo.

A ce ka tara naira 500,000. Ofishin Kula da Basussuka na Nijeriya, DMO, tun 2017 yake sayar wa ƙananan masu ajiya takardar lamunin gwamnatin tarayya ta shekara biyu ko uku, daga naira 5,000 zuwa sama. Mu ɗauka an yanka kashi 16 cikin ɗari a shekara. Za ka riƙa karɓar naira 20,000 duk wata uku, wa'adi na cika a mayar maka da dubu ɗari biyar ɗinka cif. Sai dai akwai asarar da ba ta fitowa a takarda. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8, wato kayan naira 500,000 sun koma kusan 674,000 cikin shekara guda, kai kuma 580,000 ke gare ka. Wanda yake gudun kuɗin ruwa yana da sukuk na gwamnati, wanda aka fara a 2017 don gina hanyoyi. Kuɗin haya ake biya sau biyu a shekara, amma wa'adinsa ya fi tsawo, na farkon shekara bakwai ne.

Da wannan kuɗin kuma za ka iya sayen hannun jari 10,000 a kan naira 50. Farashi ya kai 70, kana da 700,000. Ya sauko 35, saura 350,000, ba kuma wanda za ka kai ƙara. An gani a kasuwar hannun jari ta Legas: daga Maris na 2008 zuwa farkon 2009 farashi ya zube da fiye da rabi, waɗanda suka ci bashin banki suka saya su suka fi shan wuya. Saukar farashi da sauƙi ga mai iya jira. Mutuwar kamfani ita ce babbar masifa, domin sai an sallami masu bin bashi kafin a waiwayi mai hannun jari, galibi kuma ba a rage komai.

Saboda haka kuɗin da ke da rana, kamar na haya, makaranta ko auren 'ya, a ganina bai kamata ya je kasuwar hannun jari ba. Ko takardar lamunin ma, in ka sayar kafin wa'adi kana iya samun ƙasa da abin da ka zuba. Hannun jari na kuɗin da za ka iya mantawa da shi ne shekara biyar ko fiye, a rarraba a kamfanoni da dama.

Kowanne ka zaɓa, bi ta hannun dillali mai rajista da hukumar SEC, ka tabbata an buɗe asusun CSCS da sunanka. Wanda ya yi maka alkawarin tsayayyar riba duk wata da sunan hannun jari, ba hannun jari yake sayarwa ba.