Neman Rabin Kuɗin Aiki ta Imel Daga Sabon Abokin Ciniki

A ce mai wata makaranta ya nemi ƙaramar maɗaba'a ta buga masa kalanda 500 a kan naira 600,000. An daidaita farashi, amma da aka ambaci kafin alƙalami sai ya yi shiru. Bai taɓa hulɗa da su ba, kuma tsoronsa a fili yake: kada ya tura kuɗi a daina ɗaukar wayarsa. Shi ma mai maɗaba'a yana da nasa tsoron, domin kalandar da aka buga da sunan wata makaranta ba ta sayuwa ga kowa idan mai ita ya janye.

Aikin imel ɗin shi ne ya kwantar da hankalin mai makaranta, kuma ba lallashi ke yin hakan ba. Abin da yake son sani shi ne inda kuɗinsa za su tafi, da ranar da zai ga kaya, da abin da zai faru idan aka saɓa. Ga yadda za a iya rubutawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Kuɗin kalanda 500 naira 600,000 ne, kamar yadda muka yi magana. Ƙa'idarmu ga kowane aiki ita ce a ba da rabi, wato naira 300,000, kafin mu fara. Da shi za mu sayi takarda da tawada. Da zarar kuɗin sun shigo za mu aiko da rasit, bayan kwana uku kuma mu turo samfuri ka duba. Ba za mu buga ba sai ka amince. Za ka karɓi kaya kwana goma bayan amincewarka, sannan ka cika sauran. Idan ka fasa kafin mu sayi takarda, za mu mayar maka da kuɗinka, ban da naira 30,000 na ladan zane."

Cewa "ƙa'idarmu ga kowane aiki" yana nuna masa ba shi kaɗai ake yi wa haka ba, balle ya ɗauka ana zarginsa. Shi ya sa ban ga amfanin buɗe saƙon da ban haƙuri ba. Wanda ya rubuta "ka yi haƙuri, idan babu damuwa" ya riga ya nuna cewa rabin ma abin tayi ne.

Asusun da za a saka a ƙasan saƙon ya kasance da sunan maɗaba'ar, domin baƙon suna ya isa ya sa mutum ya janye. Idan har yanzu yana ɗari-ɗari, a gayyace shi ya zo ya ga wurin aiki, ko a raba biyan kashi uku, muddin kashin farko zai ishi kuɗin takarda.

Sai kuma hoton shaidar tura kuɗi, wanda ana iya ƙirƙirar na bogi. Mai sana'a, kada ka yanka takarda ko ɗaya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin a ciki.