Jadawalin rubutu ga ofishin ba da shawara kan haraji

Mai ba da shawara kan haraji a Kano ba ya rasa abin rubutawa a shafinsa na intanet. Lokacin wallafawa ne ke kuɓuce masa. Ma'aikatu kan miƙa bayanan harajin albashin ma'aikata kafin 31 ga Janairu, don haka bayanin yadda ake cike takardun ya kamata ya hau shafi tun Nuwamba, saboda sabon rubutu kan ɗauki makonni kafin ya samu gurbi a Google.

A jadawalin, kowane rubutu a ba shi tambaya ɗaya da masu zuwa ofis ke yawan yi, da sunan marubuci, da ranar fitarwa. A ganina rubutu biyu a wata sun wadatar. Duk wata uku a duba Search Console: wanda masu karatunsa suka ragu, sai a sabunta shi.