Dillalai da yawa, masana'anta ɗaya: abin da girgizar ƙasar Japan ta tona

A ranar 11 ga Maris, 2011, girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa arewa maso gabashin Japan. Ba a jima ba, kamfanin Ford na Amurka ya dakatar da karɓar odar wasu motoci masu baƙin fenti, ya kuma taƙaita wasu launukan ja. Chrysler ma ya rage launuka. Me ya haɗa fentin mota a Amurka da bala'in Japan?

Wani sinadari ne mai suna Xirallic, wanda ke sa fenti ƙyalli. A lokacin, masana'anta ɗaya tak ke yin sa a duniya, ta kamfanin Merck na Jamus da ke Onahama a yankin Fukushima. Masu ƙera motoci suna sayen fenti daga kamfanoni daban-daban, don haka a takarda ba su dogara da kowa ba. Ashe duk masu fentin wuri guda suke zuwa. Mai 'yan garuwa uku da ke ɗiba a rijiya ɗaya, ranar da ta ƙafe duka ukun hannu rabbana za su zo masa. Sai a watan Mayu masana'antar ta koma aiki.

Maganin wannan makanta shi ne bin salsalar kaya. Ana ɗaukar kayan ɗaya bayan ɗaya, a tambayi mai kawowa: a wace masana'anta ake yin wannan, a wane gari? Adireshin ofis ba ya amsa tambayar. Sannan a tambaye shi wa ke ba shi nasa kayan haɗin, a bi sawu har ƙasa. Aikin na da wuya, domin ɗan kasuwa ba ya son tona inda yake saro, amma hatsarin yakan ɓuya ne a can ƙasan.

Daga nan sai lissafin kwanaki. Idan masana'antar ta tsaya, kwana nawa za ta yi kafin ta farfaɗo? Kwana nawa abin da ke sito zai riƙe ka? In gyara zai ci kwana sittin, ajiyarka kuwa ta kwana ashirin ce, kana da kwana arba'in na zaman banza. Tsadar kaya ba ta shiga wannan lissafi, shi ya sa abu mai araha da ba a kula da shi ke iya tsayar da aiki kacokan.

Mai kawo kaya na biyu kuma ba suna ne a littafi kawai ba. Sai an gwada kayansa sun dace, an tabbatar tushensa daban ne, an kuma riƙa ba shi wani kaso na oda tun ana zaman lafiya, ko da farashinsa ya ɗan ɗara. Wanda ba ka taɓa ciniki da shi ba, ranar wahala tsofaffin abokan cinikinsa zai fara sallama. A ganina wannan ƙarin kuɗin ya cancanci biya. Merck kansa daga baya ya buɗe wurin yin Xirallic na biyu a Jamus.