Kafin wutar hunturu: jawabi ga ƙungiyar 'yan kasuwar Bahindi

 

Akwai maganar da na gaji da ji. Duk inda aka ambaci inshorar gobara, daga nan har Tsamiya da Lolo, sai wani ya taɓe baki ya ce, "Ai ba sa biya." In ka tambaye shi wa aka hana, sai ya ce wani abokin ƙanen surukinsa ne a Legas. Da wannan jita-jitar muke zaune, alhali a 2016 wuta ta cinye kasuwar Sabon Gari a Kano, a 2021 ta ci babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina. Waɗannan birane ne masu motocin kwana-kwana a kusa. Mu nan in wuta ta tashi da tsakar dare, bokiti ne da ihu.

Abin da nake kira a yi shi ne ƙungiya ta ɗauki yarjejeniya guda da sunanta, a jera sunan kowane ɗan kasuwa da lambar shagonsa da ƙimar kayansa. Kamfani ba zai turo ma'aikaci Bahindi saboda shago ɗaya ba, amma zai turo saboda shago 100, kuma a nan ne ake samun bakin neman ragi.

Ga yadda kuɗin ke rabuwa. Mu ƙaddara mu 100 ne, kowa na da kayan naira miliyan 2, kamfani kuma ya yanka naira 5 a kan kowace naira 1,000 a shekara. Misali nake bayarwa, ainihin farashin sai sun zo sun ga rufinmu da wayoyin lantarkinmu. A haka kowa zai ba da naira 10,000 a shekara, wato bai cika naira 200 a mako ba. Ba raba daidai ake yi ba: mai kayan miliyan 6 zai ba da 30,000, mai tebur ɗin dubu 400 ya ba da 2,000. Wani zai ce to mu tara a asusunmu mana, me ya kai mu kamfani? Ku lissafa. Abin da muka tara duka naira miliyan 1 ne, bai kai kayan shago guda ba, wutar kasuwa kuwa layi take ci. Kamfani yana haɗa kuɗinmu da na dubban mutanen da ba rana ɗaya za su ƙone ba, shi ma kuma yana da manyan kamfanonin da ya jingina da su.

Masu damuwa da halasci, akwai takaful, wanda hukumar NAICOM ta fitar wa da ƙa'idoji tun 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna yin sa. Abin da ka zuba gudummawa ce ga asusun taimakon juna, in an samu rara a ƙarshen shekara ana raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ku kai takardun wurin malamanku su duba.

Yanzu mu koma kan "ba sa biya". Ban ce babu kamfanin da ke jan ƙafa ba, akwai. Amma yawancin kukan da ake yi, in ka bi diddigi, daga ranar cike takarda matsalar ta faro. Ɗan kasuwa yana da kayan miliyan 4, sai ya rubuta miliyan 2 don kuɗinsa ya ragu, ko don kada maƙwabci ya san ƙarfinsa. Wuta ta zo ta ci na miliyan 3. Shi a ransa za a miƙo masa miliyan 2 cif. Ina! Kamfani zai ce rabin kayanka ka yi wa inshora, don haka rabin asarar muke ɗauka: miliyan 1 da rabi. Daga nan a cire ɗan kason da yarjejeniya ta ce mai kaya ne zai ɗauka da kansa; in kashi 10 cikin 100 ne, saura naira 1,350,000. Sai ya fito yana rantsuwa an cuce shi, bai kuwa gaya wa kowa ƙaryar da ya rubuta ba. Haka wanda ya rubuta ƙimar bara alhali farashin buhu ya tashi, ko wanda ya cika shago da kayan Sallah bai sanar ba.

Sai ɓoye gaskiya, wanda a nan bakin iyaka shi ya fi ba ni tsoro. Kowa ya san akwai shagunan da atamfa ce a gaba, jarkokin fetur a ƙurya. In ka ce kai mai yadi ne, mai tantance asara ya zo ya tarar da narkakkun jarkoki a cikin toka, ka ba kamfani hujjar hana ka ko sisi, kuma da wutarka ka ja wa maƙwabta. Haba jama'a! Mai fetur ya fitar da shi wajen kasuwa. Kayan da suka shigo ba takardar kwastan su ma kada a sa rai da diyyarsu. Tsabar kuɗi, naira ko sefa, da aka bari a akwati ba ta cikin inshorar gobara ta kaya. Wanda kuma bai biya kuɗinsa ba kafin wuta, doka ta ce ba shi da kariya, ko da sunansa na cikin jeri. Don haka ma'aji ya miƙa kuɗin kan lokaci, ya karɓo rasit.

In abin ya faru, Allah ya kiyaye, sakatare ya kira kamfani a ranar, ya bi da rubutaccen saƙo, don yarjejeniya tana da wa'adin sanarwa. Kada a share wurin. Na san zuciya na so a kwashe toka a kafa rumfa washegari, amma wannan tokar ita ce shaidarka. A ɗauki hotuna da bidiyo ta kowace kusurwa, a tsame abin da bai ƙone ba a ajiye gefe, kada a sayar. A nemo rahoton 'yan sanda da na hukumar kashe gobara. Kamfani zai ba da fom, ya turo mai tantance asara, shi kuma abin da zai fara tambaya shi ne: da me za ka nuna kana da buhu 60? A nan da yawanmu za su yi zuru, domin littafin ciniki yana cikin shagon, ya ƙone tare da kayan. Saboda haka tun yau kowa ya riƙa ɗaukar hoton littafinsa da rasitan sari a waya duk ƙarshen wata, ya tura wa sakatare, littafi na biyu kuma ya kwana a gida. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa. Saƙon banki na kuɗin da ka tura wa dila shi ma shaida ne, kada ka goge.

Bayan tantancewa za a kawo takardar da ke ɗauke da adadin da za a biya. Kada ka sa hannu sai an karanta maka ka gamsu, domin sa hannun yana nufin ka yarda magana ta ƙare. In an yi ta jan ku ba dalili, NAICOM tana karɓar koke, kuma koken ƙungiya mai mutum 100 ya fi na mutum ɗaya nauyi. A rubuta tun farko cewa diyyar kowa asusun bankinsa za ta shiga kai tsaye, kada ta biya ta hannun shugabanni.

Shawarata, Sarkin Kasuwa, a naɗa mutum biyar yau su zaga shago-shago su rubuta ƙimar kaya, a nemi farashi daga kamfanoni uku masu lasisin NAICOM, a kawo mana a taro mai zuwa kafin iskar hunturu ta kankama.