Katan na Dala 30, Farashin Dala 55: Lissafin Kwantena daga Bur Sudan zuwa Gadarif

Kwantena mai ƙafa 40 da aka cika da kayan dala 30,000 a wata tashar ƙasar Sin tana iya cin dala 55,000 kafin a sauke katan na ƙarshe a ƙofar shago a kasuwar Gadarif. Ƙarin ya kai kashi 83 cikin ɗari a kan kuɗin saye. Wannan lissafi na misali ne: kuɗin kaya, na jirgin ruwa da na mota an ƙaddara su ne don aikin lissafi, amma kason haraji daga tsarin Hukumar Kwastan ta Sudan yake, kuɗin fitar da kaya kuma daga ƙididdigar Bankin Duniya. A cikin jimillar, kayan kansu kashi 55 ne kawai. Sauran kashi 45 kuɗin hanya ne da na hukuma.

Jirgin ruwa da inshora sun ɗauki dala 5,000, wato 4,700 na jirgi da 300 na inshora, kashi 9 na jimilla. Babu adadin da ya kai wannan hawa da sauka. Ma'aunin kamfanin Drewry na farashin jigilar kwantena mai ƙafa 40 a manyan hanyoyin teku ya nuna matsakaicin dala 1,420 a 2019, ya haura dala 10,000 a Satumban 2021, ya sauka, sannan ya koma kusan dala 5,900 a Yulin 2024, bayan hare-haren da aka fara kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya a ƙarshen 2023. Bur Sudan ba ta cikin hanyoyin da ma'aunin yake bi, kuma yawancin kwantenonin da ke zuwa can sai an sauya musu jirgi a wata tasha kamar Jidda. Amfanin ma'aunin shi ne nuna faɗin tazarar: ninki bakwai cikin shekara biyu.

Kuɗin fito ya zama dala 8,750, kashi 16 na jimilla. Kwastan ba ta ɗora harajinta a kan dala 30,000 da ke rubuce a takardar mai sayarwa. Tana haɗa kuɗin kaya da na jirgi da na inshora, dala 35,000 ke nan, sannan ta ɗauki kasonta a kai. Jadawalin Sudan ya raba kaya matakai, daga waɗanda ba a karɓar komai a kansu zuwa masu kashi 3, 10, 25 da 40, kuma misalin nan ya ɗauki kashi 25. Da kayan sun faɗa matakin kashi 10, jimillar za ta tsaya a kusan dala 48,900. Da sun faɗa matakin kashi 40, za ta kai dala 61,100. Tazarar dala 12,200 ce a kan kwantena ɗaya, kuma lambar da aka rubuta wa kayan a takardar kwastan ce take yanke ta. Ɗan kasuwar da bai tabbatar da wannan lamba ba kafin ya tura kuɗi Sin bai san farashin kayansa ba tukuna.

Harajin ƙarin ƙima, wanda yake kashi 17 a Sudan, ya zama dala 7,440, kusan kashi 14 na jimilla. Ana lissafa shi ne bayan an ɗora kuɗin fito, wato a kan dala 43,750. A nan ne hawan kuɗin jirgi yake haihuwa. Kowace dala ɗaya da ta ƙaru kafin kwantena ta iso tasha, kuɗin fito zai mai da ita dala 1.25, harajin ƙima kuma ya kai ta 1.46. Idan kamfanin jirgi ya ƙara dala 2,000, mai kaya zai biya ƙarin dala 2,925. Dala 2,000 da ta ƙaru a kuɗin mota bayan an fita daga tasha kuwa tana nan a 2,000 ɗinta. Mai rajista da hukumar haraji yana iya cire harajin ƙimar da ya biya a tasha daga wanda ya karɓa wajen sayarwa. Wanda ba shi da rajista dole ya zuba shi cikin farashi.

Haraji biyun nan da fam ɗin Sudan ake biyan su, don haka farashin dalar da kwastan take aiki da shi yana da nauyi daidai da kason harajin. Har zuwa Yunin 2021 Sudan tana da dalar kwastan ta daban, wadda take fam 28 a lokacin da dala a banki ta wuce fam 400. Ma'aikatar Kuɗi ta soke ta a wannan wata, tare da rage kason haraji a kan wasu kaya. Fiton dala 8,750 a kan fam 28 ya kama fam 245,000. A kan fam 430, ya kama kusan fam miliyan 3.8, ninki 15, ga kayan da kasonsu bai canja ba. Tun ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilun 2023 darajar fam take faɗuwa, ana kuma ɗaga farashin da kwastan take aiki da shi. Farashin ranar biya shi ne abin lissafi, ba na ranar da aka yi odar kaya ba.

Fitar da kaya daga tasha ya ci dala 1,500, kashi 3 na jimilla. Rahoton Bankin Duniya na 2020 kan sauƙin kasuwanci ya ƙiyasta dala 1,093 da awa 144 na bincike da hidimar tasha a Sudan, da dala 420 da awa 132 na takardu, ban da haraji. A ciki akwai kuɗin Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa, binciken hukumar kula da ingancin kaya, da ladan wakilin fito, wanda ake kira mukhallis. Adadin yana tsayawa a haka ne idan ba a samu jinkiri ba. Da kwanakin kyauta sun ƙare, tasha tana fara ƙirga kuɗin ajiya, wato ardiyya, kamfanin jirgi kuma yana ƙirga tarar riƙe kwantenarsa. In aka ƙaddara dala 80 a rana, kwana 20 sun zama dala 1,600, fiye da kuɗin fitarwar gaba ɗaya. A Satumba da Oktoban 2021 masu zanga-zanga a gabashin Sudan sun rufe tashar da hanyarta fiye da wata guda.

Hanyar mota daga Bur Sudan ta Haya da Kasala zuwa Gadarif kusan kilomita 800 ce. Misalin ya ba ta dala 2,000, da dala 310 na 'yan dako da sito, kashi 4 na jimilla. Idan aka kawo kwantenar a rufe har Gadarif, sai an mayar da ita fanko, kilomita 1,600 ke nan zuwa da dawowa, tara kuma tana ci gaba da hawa har ranar da aka miƙa ta. Sauke kayan a Bur Sudan a loda su a babbar mota yana tsayar da tarar, amma yana ƙara dako da fashewar katan.

Idan katan 1,000 ne a ciki, kowanne ya tashi daga dala 30 zuwa dala 55. Idan 30 sun jiƙe ko sun fashe, sauran 970 ne za su ɗauki nauyin, kowanne a kan dala 56.70. Rabon daidai-wa-daida yana aiki ne kawai idan kaya iri ɗaya ne. A kwantenar haɗaka ta 'yan kasuwa uku ko huɗu, kuɗin jirgi da na mota suna bin girman wurin da kaya suka cinye, haraji kuma yana bin darajarsu da matakinsu. Mai bokitan roba da ya cika rabin kwantenar da kayan dala 6,000 yana da rabin kuɗin jirgi a kansa, dala 2,350. In aka raba bisa daraja, dala 940 kawai zai biya, sauran dala 1,410 su hau kan abokan haɗakarsa.