Wace Nijeriya kake nufi?

A fadar shayi a Dogondutsi ko Tibiri, in gardama ta kai ga takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a rasa wanda zai ɗaga murya ya ce, "Nijeriya ta ci amanarmu!" Na kusa da shi ya ce masa ɗan amshin shatar soja, shi kuma ya rama da ɗan koren Faransa. Shi ke nan, zance ya bar kan takunkumi ya koma kan mutuncin masu magana.

Da na kusan ya ce, "Yaya, wace Nijeriyar kake nufi, gwamnatin Abuja ko mutanen Kangiwa?" da an dakata. Ba'are ya san Kangiwa, a jihar Kebbi, ita ma ƙasar Arewa ce, akwai dangi da surukai. Dole mai zargin ya tace maganarsa ya ce gwamnati yake nufi. A nan yana da hujja: Abuja ta rufe iyaka, ta yanke wutar lantarki a watan Agustan 2023, mutane suka ji a jikinsu. Amma yanzu abokin gardamar ya sami ƙofar kawo tasa ba tare da ƙaryata kowa ba. A wannan watan ne majalisar dattawan Nijeriya ta ƙi goyon bayan tura soja, tawagar malamai a ƙarƙashin Shaihu Bala Lau kuma ta je Yamai neman sulhu. Takunkumin da neman sulhun duka sun faru. Kalmar "Nijeriya" ce ta dunƙule su wuri guda.

Sai dai ba duk abin da aka faɗa da muryar tambaya ne tambaya ba. "Nawa aka biya ka?" zagi ne tsagwaronsa. Alamar ta gaskiya ita ce mai yin ta bai san amsar ba tukuna, kuma kowace amsa aka ba shi, za ta sauya abin da zai faɗa a gaba. Shi ya sa take kama abu ɗaya: wa, yaushe, wace iyaka. In wani ya ce rufe iyaka ne ya tsadar da shinkafa, a tambaye shi wacce, domin ta Nijeriya ta buɗe a watan Maris na 2024, ta Benin kuwa Nijar ce ta ci gaba da rufe ta.

A ganina jera tambayoyi uku a numfashi guda titsiye ne, ya fi zagi ɓata zama. Gaban dattijo kuwa, yaro kan fara da "Baba, ban gane ba, a ƙara mini haske," sannan ya yi shiru har a gama ba shi amsa.